Me zan rubuta a maimakon "it is obvious that" a kundina?

*Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta kundin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Malamin da ke duba aikina ya ja jan layi a duk inda na rubuta "it is obvious that", ya rubuta a gefe cewa in sassauta. Na maye gurbinsa da "clearly", ya sake jan layi. Don Allah a ba ni kalmomin da suka dace.*

Wa alaikumus salam, Malama. Sauya "it is obvious that" da "clearly" an gudu ne ba a tsira ba, domin aikinsu ɗaya. Su da 'yan uwansu irin su "undoubtedly", "of course" da "it goes without saying" duk suna gaya wa mai karatu cewa maganar ba ta buƙatar hujja. Mai karanta rubutun kimiyya kuwa hujjar ce ta kawo shi. Idan maganar a fili take da gaske, bai buƙaci a gaya masa ba. Idan kuma ba a fili take ba, kin rufe masa ƙofar tambaya a daidai wurin da ya kamata ya yi tambaya, kuma masu jarrabawa sun san haka, shi ya sa a ranar kare kundi nan suke fara dira.

Kafin ki nemi wata kalma, ki tambayi kowace jimla: a kan me take tsaye? Amsar ita za ta zaɓa miki lafazi, kuma za ki tarar a wurare da yawa ba sassautawa ake buƙata ba sam.

Inda ba a sassautawa

Idan abin da ke bayan "it is obvious that" lamba ce da kika auna da kanki, ki goge kalmomin ki bar lambar. Wanda ya rubuta "It is obvious from Table 3 that more boys were infected" ya rubuta "Infection was more common in boys (Table 3)" tare da adadin, magana ta ƙare. A nan saka "may" ko "seems" kuskure ne, domin ba zato kike yi ba, ƙirgawa kika yi. Babin sakamako na bayar da rahoto ne a siffar abin da ya wuce, kuma da wuya ya buƙaci lafazin taka-tsantsan.

Idan kuma abin sananne ne a fanninku, sai ki faɗe shi kai tsaye ki ambaci inda aka tabbatar da shi. Ba wanda zai rubuta cewa mai yiwuwa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. An tabbatar da wannan tun aikin Ronald Ross a shekarun 1897 da 1898 da na Giovanni Battista Grassi da abokan aikinsa a Italiya.

A lissafi ma haka. A maimakon "obviously", ki nuna daga ina matakin ya fito: "It follows from Equation (4) that", ko "Substituting (2) into (5) gives". Akwai tsohon labari a kan wannan. Nathaniel Bowditch, wanda ya fassara babban littafin Laplace, masanin lissafi ɗan Faransa, kan tafiyar taurari zuwa Ingilishi a ƙarni na 19, ya ce duk inda ya ci karo da Laplace yana cewa abu a fili yake, ya san sa'o'i na wahala suna jiransa kafin ya cike giɓin da aka tsallake.

Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne fassara: me sakamakon yake nufi, me ya jawo shi, kuma ko ya shafi wasu mutane ban da waɗanda kika bincika. Nan ne gidan sassautawa, kuma galibi a babin tattauna sakamako yake.

Misali daga farko har ƙarshe

Mu ƙaddara, don misali kawai, kin yi bincike na zagaye ɗaya a wata ƙaramar hukuma. Kin gwada jinin yara 400 'yan ƙasa da shekara biyar. Iyayen 200 sun ce yaransu sun kwana a gidan sauro daren jiya, 200 sun ce a'a. A cikin masu gidan sauro an sami ƙwayar cutar a jinin 40, wato kashi 20 cikin ɗari. A cikin sauran an samu a jinin 70, wato kashi 35. Ɗalibai da yawa za su rubuta:

"It is obvious that net use prevents malaria in children."

Jimla ɗaya ce, amma magana uku ta haɗiye. Ta ce akwai bambanci tsakanin rukunan biyu. Ta ce gidan sauro ne ya jawo bambancin. Ta kuma ce haka abin yake ga yara a ko'ina. Kowace daga cikin ukun da irin ƙarfin hujjarta, don haka ba za su ɗauki lafazi ɗaya ba.

Ta farko kin auna ta. Bambancin maki 15 ne, kuma idan kika lissafa tazarar amincewa ta kashi 95 za ki samu daga kusan 6 zuwa 24. Sifili ba ya cikin wannan tazara. Saboda haka a babin sakamako babu ɗari-ɗari:

"Parasite prevalence was 20% among net users and 35% among non-users (difference 15 percentage points, 95% CI 6 to 24)."

Ki lura tazarar ita kanta sassautawa ce, kuma ta fi kowace kalma daidaito, domin ta faɗi girman rashin tabbacin da lamba.

Ta biyu ita ce mai wuya. Bincike na zagaye ɗaya yana auna abu biyu a lokaci guda, ba ya nuna wanne ya riga wanne, kuma ba ke kika raba gidajen sauron ta hanyar ƙuri'a ba. Mai yiwuwa gidajen da ke rataya gidan sauro su ne masu ɗan hali, masu ragar taga da rufin kwano mai silin, ko waɗanda suka fi kusa da asibiti, ko waɗanda yaransu suka karɓi maganin rigakafin damina da ake rabawa wata-wata a jihohin Arewa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan zai iya rage cutar ba tare da gidan sauro ba. Ga kuma batun amsar iyaye: uwar da ma'aikaciyar lafiya ta tsaya a gabanta da takarda za ta fi son ta ce e. Don haka kalmar aikin da hujjarki ta ɗauka ita ce "was associated with", ba "prevents" ba, kuma ba "reduces", "leads to" ko "protects" ba, domin duk waɗannan suna da'awar sababi ne.

A nan akwai abin da ke rikita ɗalibai, kuma yana da kyau a tsaya a kansa. Ai gaskiya ne gidan sauro mai magani yana kare yara. An nuna haka a manyan gwaje-gwajen da aka raba ƙauyuka ta ƙuri'a a shekarun 1990, a Gambiya da Navrongo ta arewacin Gana da Kilifi ta Kenya. To me ya sa za a hana ki faɗa? Ba a hana ki ba. Abin da aka hana shi ne ki jingina maganar ga bincikenki. Ki faɗe ta da ƙarfinta ki ambaci waɗancan gwaje-gwaje, sannan ki ce naki sakamakon ya yi daidai da su:

"Randomised trials have shown that insecticide-treated nets reduce malaria in children. The lower prevalence among net users in this survey is consistent with that effect, although differences in housing and household wealth may account for part of it."

Jimlar farko ba ta da sassauci ko ɗaya, domin hujjarta mai ƙarfi ce kuma ta wasu ce. Ta biyu tana da "is consistent with", wanda ke nufin sakamakon bai saɓa wa wannan bayani ba amma bai kore wasu bayanai ba. Sai "may" guda ɗaya, an ɗora shi a kan abin da ake shakka, an kuma kira sunan abin. Wannan shi ne bambancin sassautawa mai amfani da ta tsoro: mai amfani tana faɗin dalilin shakkar.

Ta uku, batun "yara" gaba ɗaya, ba kalmar shakka ke gyara ta ba, iyakancewa ce. Ki rubuta "in this sample", "among children under five in the study area", ko "during the rainy season". Iyakancewa ta fi "possibly" amfani nesa ba kusa ba, domin tana ba ki damar yin magana da ƙarfi a cikin ƙaramin fili. Yawancin jimlolin da ake ja wa layi da an taƙaita su ga mutanen da aka bincika da lokacin da aka yi binciken, da sun tsira.

Yanzu mu rage yawan yaran. A ce 40 kawai kika gwada, 20 a kowane rukuni, aka sami 4 da 7. Kason bai canza ba, 20 da 35 ne har yanzu. Amma tazarar ta buɗe daga kusan −12 zuwa 42, sifili ya shiga ciki. Kuskure biyu ake yi a nan. Wani zai ce bambancin a bayyane yake tunda 35 ta fi 20. Wani kuma zai ga `p > 0.05` ya ce a bayyane yake gidan sauro ba shi da tasiri. Dukansu sun zarce hujja. Abin da za a iya cewa shi ne "Prevalence was lower among net users, but the estimate was imprecise and the data are compatible with no difference." Rashin samun hujjar bambanci a ƙaramin samfuri ba hujja ba ce cewa babu bambanci. Ki guji kuma "a trend towards significance", wanda wasu ke fakewa da shi idan `p` ta zo kamar 0.07. Lambar ba ta kan hanyar zuwa ko'ina, ki bayar da ita yadda take.

Matakan ƙarfin lafazi

Kalmomin aikin da ake amfani da su suna da hawa-hawa, ko da yake marubuta ba su yi ittifaƙi a kan tazarar da ke tsakaninsu ba. A sama akwai "show" da "demonstrate", na abin da bincikenki ya auna kai tsaye ko gwaji mai kyakkyawan tsari ya tabbatar. Ƙasa kaɗan "indicate", idan hujja ta karkata sosai gefe ɗaya. Sai "suggest", wanda shi ne ya fi yawan aiki a babin tattaunawa: hujja tana nuna wani gefe amma akwai sauran bayani da ba a kore ba. Daga nan "is consistent with", sai "may reflect" da "one possible explanation is", waɗanda na hasashe ne a kan abin da ba ki auna ba. "Prove" kuwa ki bar wa masu lissafi.

Wasu fannoni ba su bar wannan ga ra'ayin marubuci ba. Tunda a lafiya kike, tsarin GRADE da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ke amfani da shi zai yi miki jagora. Yana raba ƙarfin hujja gida huɗu, kowane da lafazinsa. Idan tabbaci ya yi ƙarfi ana cewa magani "reduces" abu kaza. Idan matsakaici ne, "probably reduces". Idan mai rauni ne, "may reduce". Idan ya yi rauni ƙwarai, sai a ce "the evidence is very uncertain". A wannan tsari gwajin da aka raba mutane ta ƙuri'a yana farawa daga mataki na sama sannan a rage masa idan an ga aibu, binciken lura kawai kuwa bisa al'ada daga mataki mai rauni yake farawa. Ke nan binciken zagaye ɗaya kamar na misalinmu "may" ne rabonsa idan ana maganar sababi.

Kwamitin IPCC na masana sauyin yanayi ya je har ga ɗaura wa kalmomi lamba. A rahotanninsa "likely" na nufin yiwuwar da ta kai kashi 66 zuwa sama, "very likely" 90 zuwa sama, "extremely likely" 95, "virtually certain" 99. Ana iya bin yadda lafazinsu ya hau tare da hujja a kan tambaya ɗaya, wato ko ɗan Adam ne ke ɗumama duniya. A 1995 sun ce rinjayen hujja "suggests" akwai tasirin ɗan Adam. A 2001 suka ce "likely", a 2007 "very likely", a 2013 "extremely likely", sai a 2021 suka ce "unequivocal". Sun ɗauki shekara 26 kafin su furta kalmar da ɗalibi ke furtawa a shafi na biyu na babi na ɗaya. Amma kada ki ɗauka mai karanta kundinki zai fahimci "likely" da kashi 66. Wannan ma'ana a cikin rahotannin IPCC take aiki, domin sun bayyana ta tun farko.

Sassautawa kuma ba alamar ƙaramin sakamako ba ce. Maƙalar Watson da Crick a mujallar Nature ta 25 ga Afrilu 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, da "We wish to suggest a structure" ta fara. A lokacin samfuri suka gina wanda ya dace da bayanan da ke hannu, cikinsu har da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin, ba su riga sun tabbatar da shi ba, sai suka zaɓi kalmar da ta dace da matsayin da suke.

Idan an wuce gona da iri

Ɗalibin da aka ja wa layi sau biyu yakan koma ɗaya gefen, sai ka ga jimla kamar "These results may possibly suggest that net use could perhaps be associated with lower prevalence." Kalmomin shakka biyar a kan magana ɗaya, kuma maganar ma an auna ta. Mai karatu ba zai iya sanin me ake shakka ba, ko kuma marubucin yana da abin faɗa. Ƙa'idar aiki ita ce sassauci ɗaya ga da'awa ɗaya. "Suggest" ta riga ta ɗauki shakkar, ba ta buƙatar "may" a gabanta. "Associated with" ta riga ta janye da'awar sababi, ba ta buƙatar "could". Gwaji mai sauƙi: ki cire kalmar ki sake karantawa. Idan jimlar ta koma ƙarya ko ta zarce hujja, ki mayar da ita. Idan ma'ana ba ta motsa ba, kalmar ado ce.

Akwai kuma sassaucin da ba shi da mai shi, irin "it is believed that" da "it is generally thought that". Waɗannan ba su fi "it is obvious that" ba, domin su ma suna ɓoye hujja ne, a wannan karon a bayan wasu mutane marasa suna. Wa ya yi imani? Idan akwai su, ki ambace su da shekara. Idan ke ce, ki ce "we interpret this as" ko, idan sashenku bai yarda da "I" da "we" ba, "this study interprets".

Ki kula da "may" da "can", ana yawan musanya su. "Nets can reduce transmission" na nufin an san suna da ikon yin haka. "Nets may have reduced transmission here" na nufin ba a tabbata sun yi ba a wannan wuri. Haka "significant": a rubutun kimiyya mai karatu zai ɗauka gwajin ƙididdiga kike nufi, don haka idan girma ko muhimmanci kike nufi ki ce "large" ko "substantial" ki kawo lamba.

Masu rubuta kundi da Hausa a sassan harsunan Nijeriya suna da irin wannan matsala da "a bayyane yake cewa", "ko shakka babu" da "sanin kowa ne". Maganinta ɗaya ne. Abin da aka ƙirga a faɗe shi tsaf, abin da aka fassara a ce "sakamakon yana nuni da cewa" ko "da alama", hasashe kuma a ce "mai yiwuwa" a kawo dalili.

Yadda za ki bi kundin

Ki buɗe fayil ɗin ki danna `Ctrl+F`, ki nemi waɗannan ɗaya bayan ɗaya: `obvious`, `clear`, `evident`, `undoubted`, `of course`, `certainly`, `prove`. Neman guntun kalma kamar `obvious` zai kamo har da "obviously". A kowane wuri ki rubuta wa kanki a gefe abin da jimlar ta dogara da shi: jadawali na nawa, maƙalar wa, ko tunaninki ne. Mai jadawali ta rasa kalmar ta sami lamba. Mai maƙala ta rasa kalmar ta sami ambato. Mai tunaninki ta sami kalma ɗaya daga matakan da ke sama tare da dalilin shakka. Wadda kika kasa rubuta mata komai a gefe, goge ta ya fi sassauta ta. Bayan haka ki sake zagaye na biyu da `may`, `might`, `could`, `possibly`, `perhaps`, `seem`, ki rage duk inda biyu suka haɗu a jimla ɗaya.

Daga ƙarshe ki ajiye tsakuren kundin da babin kammalawa kusa da babin tattaunawa ki gwada su. A nan ne sassauci ya fi zubewa, domin ana matse kalmomi: abin da ya kasance "was associated with" a babi na huɗu sai ya zama "reduces" a tsakure, alhali tsakuren ne mafi yawan mutane za su karanta. Ƙarfin da'awa ya zama ɗaya a duk wuraren uku, haka ma a take. Idan taken kundinki ya fara da "Effect of" ko "Impact of" alhali bincike na zagaye ɗaya kika yi, "Association between" ya fi dacewa, sai dai canza taken da aka riga aka amince da shi yana bin ta hannun sashe da makarantar karatun gaba da digiri, don haka ki tuntuɓi malaminki tun da wuri.

Yawan sassaucin da ake so ya bambanta daga fanni zuwa fanni, har daga mujalla zuwa mujalla. Masu injiniyanci da kimiyyar sinadarai sun fi magana kai tsaye, domin suna iya riƙe yanayin gwajinsu, masu lafiyar al'umma da nazarin zamantakewa kuwa sun fi sassautawa. Ki ɗauko maƙaloli uku ko huɗu na kwanan nan daga mujallar da malaminki yake girmamawa, waɗanda tsarin bincikensu ya yi kama da naki, ki ja layi a ƙarƙashin kalmomin aikin da ke sakin layi na farko na tattaunawarsu, ki gwada da naki kafin ki mayar masa da babin.